Me Ya Haɗa Cike Murabba'i da Wurin Juyawar Farabola?

Duk lokacin da jarrabawar lissafi ta ƙarato, akwai tambayar da ke dawowa a bakin ɗalibai, har da wasu iyayen da ke zama da 'ya'yansu wajen bita: tunda akwai fomular da ke warware kowane lissafin kwadiratik, me ya sa ake wahalar da yaro da cike murabba'i? Amsar da aka fi ba su ita ce wai wata hanya ce ta uku, bayan fasa lissafi gida biyu, wato rubuta shi a matsayin baka biyu da aka ninka da juna, da kuma fomula. Wannan amsa ba ƙarya ba ce, amma ta rage wa dabarar daraja ƙwarai, domin ta mai da ita maimaicin aikin da an riga an iya. Babban amfanin cike murabba'i yana wani wuri dabam. Shi ne yake sake rubuta lissafin ta yadda za ka kalle shi kawai ka faɗi inda zanensa ya juya, wato inda ya kai ƙarshen gangarowa ko ƙarshen hawa, ba tare da ka zana komai ba. Yadda hakan ke faruwa shi ne abin da nake son mu bi a hankali.

## Kalmomin da za mu yi aiki da su

Lissafin kwadiratik shi ne wanda x ɗin da ke cikinsa bai wuce a ninka shi da kansa sau ɗaya ba, wato x². Siffar da aka saba rubuta shi ita ce y = ax² + bx + c, inda a da b da c lambobi ne, kuma a ba sifili ba ne. Idan ka riƙa sa wa x lambobi kana fitar da y, kana ɗiga kowane sakamako a takardar giraf, za ka sami lanƙwasasshen layi mai kama da ƙwarya. Sunan wannan layin farabola. Idan a ya fi sifili, ƙwaryar a zaune take, bakinta na kallon sama. Idan a yana ƙasa da sifili, a kife take.

Kowace farabola tana da ɗigo guda inda take daina gangarowa ta fara hawa, ko ta daina hawa ta fara gangarowa. Wannan ɗigo shi ne wurin juyawa. Akwai kuma siffa ta biyu da ake rubuta lissafin da ita: y = a(x − h)² + k. A wannan siffa, wurin juyawa shi ne ɗigon (h, k). Cike murabba'i shi ne gadar da ake bi a tashi daga siffa ta farko a isa ta biyu. Lissafin bai canza ba, zanensa ma bai motsa ba. Shigarsa ce kawai aka canza.

## Murabba'in da ake cikewa na gaske ne

Da yawa suna haddace dokar "raba b gida biyu, ka ninka rabin da kansa" ba tare da sun taɓa ganin murabba'in da ake magana a kansa ba. Alhali asalin abin zane ne, kuma wanda ya ga zanen sau ɗaya da wuya ya manta dokar.

Wajen shekara ta 820 miladiyya, a Bagadaza, Muhammad bin Musa Alkhawarizmi ya rubuta littafinsa a kan hisabin aljabru da muƙabala, kuma daga sunan littafin ne aka samo kalmar aljabara. Shahararren misalin da ya kawo, idan muka rubuta shi da alamomin yau, shi ne x² + 10x = 39. Shi bai yi amfani da alamomi ba, da kalmomi zalla ya bayyana komai, sannan ya kafa hujja da zane. Mutanen Babila ma sun riƙa bin irin waɗannan matakai a allunansu na yumɓu fiye da shekara dubu biyu kafin zamaninsa.

Ga yadda zanen yake. Ɗauki x² a matsayin fili mai murabba'i, kowane gefensa x. Ɗauki 10x a matsayin wani falle mai tsawon x da faɗin 10. An ce mana girman biyun a haɗe 39 ne. Yanzu tsaga fallen nan gida biyu a tsaye, kowane rabi ya zama mai tsawon x da faɗin 5. Manna rabi ɗaya a gefen dama na murabba'in, ka manna ɗayan a ƙasansa. Abin da ka samu ya kusa zama babban murabba'i mai gefe x + 5, sai dai akwai giɓi a kusurwa ɗaya. Giɓin nan shi kansa ƙaramin murabba'i ne, 5 ta nan 5 ta can, girmansa 25. Idan ka cike shi, babban murabba'in ya kammala, girmansa ya zama 39 da 25, wato 64. Murabba'in da girmansa 64 ne, gefensa 8 ne. Ke nan x + 5 = 8, saboda haka x = 3.

Daga nan amsoshin tambayoyi biyu suka fito da kansu. Me ya sa ake raba lambar x gida biyu? Domin murabba'i dole ya ƙaru daidai wa daida ta ɓangarori biyu, in ba haka ba ya tashi daga murabba'i. Me ya sa ake ninka rabin da kansa? Domin girman giɓin kusurwar ke nan. A alamance, (x + 5)² idan aka buɗe shi yana ba da x² + 10x + 25, kuma 25 ɗin nan shi ne abin da x² + 10x ya rasa.

Zanen yana da iyakarsa. Gefen fili ba ya zama ƙasa da sifili, shi ya sa Alkhawarizmi ya tsaya a 3. A yau mun san −8 ma idan aka ninka shi da kansa 64 yake bayarwa, don haka x = −13 amsa ce ita ma: 169 a debe 130 saura 39.

## Bambancin warware lissafi da sake masa siffa

A nan ne ɗalibai da yawa ke fara ruɗewa, kuma ruɗewar tana da dalili. A misalin da ya gabata akwai ɓangarori biyu na alamar daidai, sai muka ƙara 25 a hagu muka ƙara 25 a dama. Amma idan aka ba ka y = x² + 6x + 5 aka ce ka nemo wurin juyawa, ba ka son taɓa y. To ina za ka kai abin da ka ƙara?

Amsar ita ce ka ƙara shi ka kuma debe shi nan take a gefe guda. Kamar aro ne: ka ranci lambar don ka cike giɓin, ka biya ta a layin da ka ranta. Rabin 6 shi ne 3, kuma 3 sau 3 tara ne. Sai mu rubuta:

y = x² + 6x + 9 − 9 + 5

Ƙara 9 da debe 9 daidai yake da ƙara sifili, don haka y na nan yadda yake. Ukun farko, x² + 6x + 9, su ne cikakken murabba'i (x + 3)². Ragowar biyun, −9 + 5, sun ba da −4. Saboda haka:

y = (x + 3)² − 4

Ka lura da abin da ya faru. A siffar farko x ya fito sau biyu, sau ɗaya a x², sau ɗaya a 6x, kuma suna iya jan y ta fuskoki mabambanta. Idan x lamba ce ƙasa da sifili, x² na ɗaga y sama, 6x na janyo shi ƙasa, kuma ba za ka iya cewa ga wanda zai rinjaya ba sai ka gwada lambobi. A sabuwar siffa kuwa x sau ɗaya tak ya fito, kuma a cikin murabba'i yake. Duk wahalar da aka sha, don a kai ga wannan aka sha ta.

## Yadda wurin juyawa ke fitowa fili

Hujjar gaba ɗaya ta rataya ne a kan gaskiya guda mai sauƙi: duk lambar da ke kan layin lambobi, idan ka ninka ta da kanta, sakamakon ba ya taɓa sauka ƙasa da sifili. 2 sau 2 huɗu ne, −2 sau −2 ma huɗu ne. Mafi ƙanƙantar abin da murabba'i zai iya zama shi ne sifili, kuma hakan ba ya faruwa sai idan abin da ke cikin bakan shi kansa sifili ne.

Mu koma kan y = (x + 3)² − 4. Wannan −4 ɗin a kafe yake, babu abin da x zai yi masa. Shi kuma (x + 3)² sai dai ya ƙara wani abu a kan −4, ko kuma kada ya ƙara komai. Ba shi da ikon ragewa. Ke nan y ba zai taɓa sauka ƙasa da −4 ba, komai lambar da ka sa. Yaushe y zai zama −4 cif? Lokacin da x + 3 = 0, wato x = −3. Wurin juyawa shi ne (−3, −4).

Wannan siffa tana nuna wani abu kuma da siffar farko ta ɓoye. Matsa taki ɗaya daga −3 zuwa dama, x = −2: cikin baka ya zama 1, murabba'insa 1, y = −3. Matsa taki ɗaya zuwa hagu, x = −4: cikin baka ya zama −1, murabba'insa 1, y = −3 kuma. Taki biyu kowace fuska, x = −1 da x = −5, duka sun ba da y = 0. Taki uku, x = 0 da x = −6, duka sun ba da 5. Murabba'i bai damu da ko ta hagu ka matsa ko ta dama ba, nisan kawai yake aunawa. Dalilin da ya sa rabin farabola yake zama tamkar hoton ɗaya rabin a madubi ke nan, kuma madubin shi ne miƙaƙƙen layin tsaye da ya ratsa wurin juyawa, a nan x = −3.

Mun kuma tsinci wuraren da zanen ya ratsa layin x a hanya, −1 da −5. Da ma ana iya samo su kai tsaye: (x + 3)² = 4, don haka x + 3 ko dai 2 ne ko −2.

## Tarkon alama

Kuskuren da ya fi yawa a wannan babi shi ne ɗalibi ya ga (x + 3)² − 4 ya rubuta wurin juyawa (3, −4). Ba ganganci ba ne, ido ne ya ga 3 da alamar tarawa ya kwafa. Abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne −4 ɗin yadda yake ake ɗaukarsa, amma 3 ɗin sai an juya alamarsa. Sai ɗalibi ya ji kamar doka biyu ce marasa dalili.

A ganina koyar da "juya alamar ciki, ka bar ta waje" shi ne yake haifar da matsalar, domin dokar da aka haddace ba dalili takan kife a cikin zafin jarrabawa. Lambobin biyu ba aiki ɗaya suke yi ba. Ta waje sakamako ce: ita ce abin da ya rage wa y bayan murabba'in ya ɓace. Ta ciki kuwa tambaya ce: wace lamba zan sa wa x don cikin bakan ya zama sifili? Ga x + 3 amsar −3 ce. Ga x − 7 amsar 7 ce. Wanda ya saba yi wa kansa wannan tambayar ba ya buƙatar tuna wace alama ake juyawa. In kuma yana shakka, ya sa x = 3 a lissafin asali ya gani: 9 + 18 + 5 = 32, wanda ko kusa da −4 bai je ba.

Idan lambar x mara ce, aikin bai canza ba, sai dai rabi ya shigo. A y = x² + 5x + 2, rabin 5 shi ne 5/2, murabba'insa 25/4. Za a sami y = (x + 5/2)² − 17/4, domin 2 daidai yake da 8/4, kuma 8/4 a debe 25/4 saura −17/4. Ganin irin waɗannan lambobi ba alamar an yi kuskure ba ne.

## Idan akwai lamba a gaban x²

Zanen giɓin kusurwa yana aiki ne idan x² guda ɗaya ne. Idan biyu ne ko biyar, dole a fara fitar da lambar waje. Mu ɗauki y = 2x² − 12x + 23, mu bi shi daki-daki, domin a irin wannan ne maki ke zubewa.

Da farko a fitar da 2 daga cikin biyun da ke ɗauke da x, a bar 23 a waje:

y = 2(x² − 6x) + 23

Yanzu abin da ke cikin baka ya koma irin wanda muka iya. Rabin −6 shi ne −3, murabba'insa 9. A ƙara 9 a debe 9, duka a cikin bakan:

y = 2[(x − 3)² − 9] + 23

A nan ake yin tuntuɓe. Wannan −9 ɗin yana ƙarƙashin ikon 2 ɗin da ke waje. Kafin ya fito ya haɗu da 23, sai an ninka shi da 2, ya zama −18:

y = 2(x − 3)² − 18 + 23

y = 2(x − 3)² + 5

Wurin juyawa shi ne (3, 5). Wanda ya manta da ninkawar zai haɗa −9 da 23 kai tsaye, ya sami 2(x − 3)² + 14. Abin da ya sa kuskuren ke wucewa ba a gani shi ne h ɗinsa daidai ne, amsar kuma tana da kyan gani. K ne kawai ya kauce.

Akwai gwajin da ba ya cin minti ɗaya, kuma ina ganin ya kamata ya zama ɗabi'a ga duk mai yin wannan aiki. Sa x = 0 a siffofin biyu. A ta asali, y = 23. A amsar daidai, 2 sau 9 a ƙara 5, ya ba da 23. A amsar kuskure, 18 da 14 sun ba da 32, nan take ka san akwai gyara. Sai dai wannan gwaji yana da makanta guda: ba ya kama kuskuren alama a cikin baka, domin (0 − 3)² da (0 + 3)² duk 9 ne. Don haka a ƙara gwada x = 1. A ta asali, 2 − 12 + 23 = 13. A sabuwa, 2 sau 4 a ƙara 5, 13 ne. Da an rubuta (x + 3)² bisa kuskure, da 37 za a samu.

Siffar 2(x − 3)² + 5 ta gaya mana wani abu kyauta. Ƙwaryar a zaune take tunda 2 ya fi sifili, kuma gindinta yana tsayin 5, sama da layin x. Ke nan zanen ba zai taɓa sauka ya taɓa layin ba, wato babu wata lamba a layin lambobi da za ta sa 2x² − 12x + 23 ya zama sifili. Wanda ya nace sai ya fasa wannan lissafi gida biyu zai daɗe yana neman abin da babu. Ita kuma 2 ɗin ba ta motsa wurin juyawa hagu ko dama. Aikinta ta matse ƙwaryar. Taki ɗaya daga tsakiya y na hawa da 2 maimakon 1, taki biyu yana hawa da 8 maimakon 4.

## Dutsen da aka jefa sama

Galileo ya nuna a 1638 cewa abin da aka harba, idan aka ajiye batun turjiyar iska gefe, hanyar farabola yake bi. Tsayinsa ma, idan aka auna shi da lokaci, lissafin kwadiratik ne. Mu ce an jefa dutse sama daga tsayin mita 1 da gudun mita 20 a daƙiƙa. Janyowar ƙasa tana rage gudun da kimanin mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Mu zagaye ta zuwa 10 don sauƙin lissafi; rabinta, wato 5, shi ne ke shiga lissafin tsayi. Idan t daƙiƙoƙin da suka wuce ne, y kuma tsayi a mita, to:

y = −5t² + 20t + 1

Tambayar da kowa zai yi ita ce: iya ina dutsen zai kai, kuma yaushe? Fomular kwadiratik ba wannan take amsawa ba. Ita lokacin da dutsen zai taɓa ƙasa take bayarwa. Mu cike murabba'i. A fitar da −5, kuma a kula, domin 20 a raba da −5 yana ba da −4, alamar ta juya:

y = −5(t² − 4t) + 1

Rabin −4 shi ne −2, murabba'insa 4:

y = −5[(t − 2)² − 4] + 1

Yanzu −5 sau −4 ya zama +20, ba −20 ba. A haɗa da 1:

y = −5(t − 2)² + 21

Hujjar da muka yi a baya ta kife tare da ƙwaryar. Murabba'in ba ya sauka ƙasa da sifili, amma tunda an ninka shi da −5, yanzu ragewa kawai yake iya yi daga 21. Saboda haka 21 shi ne ƙololuwa, kuma ana kai wa gare shi lokacin da t = 2. Dutsen zai kai mita 21 bayan daƙiƙa biyu. A daƙiƙa ta 1 yana mita 16 yana hawa, a daƙiƙa ta 3 yana mita 16 yana saukowa. Lokacin faɗuwarsa ma yana fitowa daga siffar: (t − 2)² = 21/5, wato 4.2, wanda saiwarsa, wato lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da 4.2, ta kusa 2.05. Dutsen zai taɓa ƙasa wajen daƙiƙa 4.05. Ɗaya amsar, kimanin −0.05, lokaci ne kafin jifa, don haka ba ta da ma'ana a wannan labarin.

## Masu cewa a haddace fomula kawai

Akwai malamai da ɗalibai da ke cewa duk wannan dogon zance ne, tunda akwai gajeriyar hanya: h = −b/(2a), sai ka mayar da h cikin lissafin ka sami k. Suna da gaskiya wajen sauri. A misalin dutse, −20 a raba da −10 ya ba da 2, an gama cikin numfashi guda. Waɗanda suka yi nisa kuma za su ce da kalkulas ma ana samun wurin juyawa a layi biyu. Idan wurin juyawa kaɗai ake nema, lambobin kuma masu nauyi ne, ni ma gajeriyar hanyar zan bi.

Amma daga ina −b/(2a) ta fito? Daga cike murabba'i. Yi wa ax² + bx + c abin da muka yi wa 2x² − 12x + 23: fitar da a, cikin baka ya zama x² + (b/a)x, rabin b/a shi ne b/(2a), a ƙarshe a sami:

y = a(x + b/(2a))² + c − b²/(4a)

Cikin baka yana zama sifili idan x = −b/(2a), ga h ke nan. Abin da ya rage a waje, c − b²/(4a), shi ne k. Idan kuma ka sa y = 0 a wannan siffa ka ware x, fomular kwadiratik ɗin da ake taƙama da ita ce za ta fito, da b² − 4ac ɗinta a ƙarƙashin alamar saiwa. Duba ta da wannan idon: farkonta −b/(2a) ne, wato tsakiyar farabola, sai alamar ± da ke cewa matsa nisa kaza ta dama, ka matsa irinsa ta hagu. Don haka fomulolin biyu duk 'ya'yan wannan dabara ce. Wanda ya haddace su kaɗai, ranar da ya manta ko 2a ne ko 4a, ba shi da hanyar komawa. Sannan akwai wuraren da fomulolin ba sa zuwa amma dabarar tana zuwa: idan aka ba ka x² + y² − 4x + 6y = 12, cike murabba'i sau biyu yana mai da shi (x − 2)² + (y + 3)² = 25, ka ga da'ira mai cibiya a (2, −3) da nisan 5 daga cibiya zuwa baki.

## Inda wurin juyawa ba shi ne amsa ba

Lissafi yana ɗauka x na iya zama kowace lamba, amma matsalar da aka ciro lissafin daga cikinta ba kullum take yarda da hakan ba. Mu ce mutum yana da wayar shinge mita 40, yana son killace fili mai kusurwa huɗu a jikin doguwar katanga, katangar ta zama gefe ɗaya. Idan gefuna biyun da suka fito daga katangar kowanne x ne, na ukun zai zama 40 − 2x. Girman filin shi ne x(40 − 2x), wato −2x² + 40x. A fitar da −2 a sami −2(x² − 20x). Rabin −20 shi ne −10, murabba'insa 100. Sakamakon −2(x − 10)² + 200. Mafi girman fili murabba'in mita 200 ne, idan x = 10, wato mita 10 ta mita 20.

To idan akwai hanya da ta ratsa a nisan mita 8 daga katangar, shingen ba zai iya haura ta ba fa? Wurin juyawa yana nan a x = 10 a takarda, amma mai shingen ba zai kai can ba. Siffar dai ba ta daina amfani ba, domin tana cewa abin da ake hasara daga 200 shi ne ninki biyu na murabba'in nisanka daga 10. Ke nan a matso kusa da 10 iya yadda hanya ta bari, wato x = 8. Nisan 2 ne, murabba'insa 4, sau 2 ya zama 8. Filin zai zama mita 8 ta mita 24, girmansa 192. Da hanyar tana mita 5 daga katangar, nisan zai zama 5, hasarar 50, filin kuma 150.